Lissafa Kobariyans da Ma'aunin Dangantaka da Hannu daga Awo Shida Masu Tafiya Biyu-Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ake lissafa kobariyans da ma'aunin dangantaka na Pearson da alƙalami da takarda, ta hanyar misali guda mai ɗauke da awo shida masu tafiya biyu-biyu. An nuna hanyoyi biyu na isa ga sakamako, wato hanyar tazara daga matsakaici da hanyar jimillar kai-tsaye, sannan an bayyana yadda ɗaya take zama abin tantance ɗaya. Daga nan an duba kurakuran da aka fi faɗawa cikinsu da alamun gane su, da kuma iyakar abin da awo shida za su iya tabbatarwa. Matsayar maƙalar ita ce, duk ma'anar lissafin tana cikin rukunin ninke-ninken tazara, don haka wanda ya bayar da ma'aunin dangantaka daga awo shida ba tare da ya nuna wannan rukuni ba, ya ɓoye wa mai karatu abin da zai auna ƙarfin sakamakon da shi.

1. Gabatarwa

A ilimin ƙididdiga, ana cewa awo yana tafiya biyu-biyu idan an auna abubuwa biyu a jikin abu guda, kamar tsawo da nauyin mutum ɗaya, ko yawan taki da yawan amfanin gona ɗaya, ta yadda kowace lamba a gefe guda tana da abokiyar tafiyarta a ɗaya gefen, kuma ba a raba su. Tambayar da ake yi wa irin wannan awo ita ce, idan abu na farko ya ƙaru, shin na biyu yana ƙaruwa tare da shi, ko yana raguwa, ko kuwa babu ruwansa? Kobariyans yana amsa tambayar ta fuskar alkibla, ma'aunin dangantaka kuwa yana amsa ta ta fuskar alkibla da ƙarfi gaba ɗaya.

Francis Galton ne ya fito da tunanin wannan ma'auni fili a shekarar 1888, a lokacin da yake kwatanta awon gaɓoɓin jikin mutane, sannan Karl Pearson ya tsara shi a siffar da ake amfani da ita yau a cikin aikinsa na 1896, wanda hakan ya sa ake jingina masa sunan ma'aunin. An zaɓi awo shida a wannan maƙala saboda adadi ne da ake iya gama lissafinsa a shafi guda, kowane mataki yana bayyane ga ido, kuma ƙanƙantarsa tana sa raunin ma'aunin ya fito sarari ta yadda ba ya fitowa a cikin awo ɗari.

2. Bayanan Misali da Matsakaicinsu

Lambobin da ke ƙasa an tsara su ne domin gwaji da koyarwa, ba a samo su daga wani binciken gona ba. A ɗauka akwai gonakin masara shida masu girma ɗaya, an rubuta yawan buhunan takin zamani da aka zuba wa kowace, wanda za a kira x, da yawan buhunan masarar da aka girbe a cikinta, wanda za a kira y.

```
Gona   A    B    C    D    E    F
x      2    3    4    6    7    8
y     11   14   19   16   22   26
```

Mataki na farko shi ne neman matsakaicin kowane gefe, wato a tara lambobinsa a raba da adadinsu. Jimillar buhunan taki 30 ce, idan aka raba da 6 sai a sami 5, jimillar buhunan masara kuwa 108 ce, wadda ta ba da matsakaici 18. Waɗannan lambobi biyu, 5 da 18, su ne cibiyar da za a riƙa auna kowace gona daga gare ta, domin ba yawan takin gona ko yawan amfaninta ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko ta zarce matsakaici ko ta gaza shi, da kuma nawa ta zarce ko ta gaza.

Mataki na biyu shi ne fitar da tazara, wato a debe matsakaici daga kowace lamba. Gonar A ta sami buhu 2 na taki, don haka tazararta ita ce −3, alamar ragi tana nuna cewa ta gaza matsakaici da buhu uku, amfaninta kuma buhu 11 ne, wanda ya gaza 18 da bakwai, tazararsa ke nan −7. Haka za a yi wa sauran biyar. A nan akwai abin tantancewa na farko, wanda bai kamata a wuce ba tare da an yi shi ba: tazarar kowane gefe idan aka tara ta dole ta ba da sifili, domin matsakaici shi ne wurin da abin da ya zarce da abin da ya gaza suke yin kunnen doki. Idan jimillar ba ta zo sifili ba, to ko dai matsakaicin ba daidai ba ne, ko an yi kuskure wajen debewa, kuma duk abin da aka gina a kai zai gurɓata.

3. Rukunin Ninke-Ninke da Kobariyans

Mataki na uku shi ne ninka tazarar x ta kowace gona da tazarar y ta wannan gonar, sannan a ninka kowace tazara da kanta, wato a fitar da murabba'inta, saboda za a buƙace shi a gaba. A jadawalin da ke ƙasa, dx na nufin tazarar taki, dy kuma tazarar masara.

```
Gona    dx    dy   dx·dy   dx²   dy²
A       −3    −7     21     9    49
B       −2    −4      8     4    16
C       −1     1     −1     1     1
D        1    −2     −2     1     4
E        2     4      8     4    16
F        3     8     24     9    64
Jimilla  0     0     58    28   150
```

Rukunin dx·dy ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowace lamba a cikinsa shaida ce da gona guda take bayarwa. Gonakin A da B sun gaza matsakaici a taki kuma sun gaza shi a amfani, ragi sau ragi kuwa ƙari yake bayarwa, don haka shaidarsu tana goyon bayan cewa abubuwan biyu suna tafiya tare. Gonakin E da F sun zarce a duka biyun, su ma shaidarsu ƙari ce. Gonar C ta sami taki ƙasa da matsakaici amma ta ba da amfani sama da shi, gonar D kuwa ta sami taki sama da matsakaici ta ba da amfani ƙasa da shi, shi ya sa nasu sakamakon ya zo da alamar ragi, suna ja da abin da sauran huɗun suka nuna. Sai dai jayayyarsu ba ta da nauyi, saboda suna kusa da cibiya, gaba ɗayanta 3 ce a gaban 61 na masu goyon baya, abin da ya rage shi ne 58.

Wannan jimilla ta 58, wadda ake rubutawa Sxy, tana ƙaruwa da yawan awo, don haka sai an raba ta kafin ta zama ma'auni, kuma abin da aka samu bayan rabawar shi ne kobariyans. Idan gonakin shida su ne kaɗai abin da ake son magana a kai, sai a raba da 6 a sami kusan 9.67. Idan kuwa samfur ne da aka tsamo daga gonaki masu yawa domin a yi hasashen halin sauran, sai a raba da 5, wato adadin awo ban da ɗaya, a sami 11.6.

```
cov(x, y) = Sxy / (n − 1) = 58 / 5 = 11.6
```

Dalilin rage ɗaya yana komawa ga sifilin da aka gani a gindin jadawalin. Da yake an fitar da matsakaici daga cikin awon kansa, tazara shidan ba su da cikakken 'yanci, domin duk wanda ya san biyar daga cikinsu ya san ta shida, tunda dole jimillarsu ta zama sifili. Bayanai biyar ne ke nan masu zaman kansu, kuma rabawa da shida za ta sa hasashen ya riƙa gazawa idan aka ɗauki matsakaicinsa a kan samfura masu yawa. A awo ɗari, bambancin rabawa da 100 da rabawa da 99 ƙanƙani ne, amma a awo shida, 11.6 ya ɗara 9.67 da kashi 20 cikin ɗari, saboda haka wajibi ne mai lissafi ya faɗi wanda ya yi amfani da shi.

Alamar kobariyans tana da ma'ana bayyananniya, ƙari na nuna tafiya tare, ragi na nuna saɓani, amma girmansa ba ya faɗin komai shi kaɗai, saboda ya dogara da ma'aunin da aka yi awon da shi. Idan aka rubuta takin da kilo maimakon buhu, a kan buhu mai kilo 50, kowace tazarar x za ta ninku sau 50, kobariyans ya tashi daga 11.6 zuwa 580, alhali kuwa babu abin da ya sauya a gonakin. Wannan rauni ne ya sa ake buƙatar mataki na gaba.

4. Daga Kobariyans zuwa Ma'aunin Dangantaka

Maganin dogaro da ma'aunin awo shi ne a raba kobariyans da girman warwatsuwar kowane gefe, ta yadda buhu da kilo za su share juna a sama da ƙasa. Warwatsuwar ana auna ta da bariyans, wato jimillar murabba'in tazara da aka raba da 5, sannan a ɗauki tushen murabba'insa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi, a sami abin da ake kira daidaitacciyar tazara. Bariyans na taki shi ne 28 a raba da 5, wato 5.6, daidaitacciyar tazararsa kuwa kusan 2.366, na masara kuma 150 a raba da 5, wato 30, tazararsa kusan 5.477. Ninka su biyun yana ba da kusan 12.96, kuma idan aka raba 11.6 da wannan lamba sai a sami 0.895, wanda shi ne ma'aunin dangantaka, da ake rubutawa r.

Ga mai aiki da hannu akwai hanya mafi sauƙi kuma mafi tsabta, domin biyar ɗin da ke sama da wadda ke ƙasa suna share juna, don haka ana iya aiki da jimilloli uku na gindin jadawali kai-tsaye, a ɗauki tushen murabba'i sau ɗaya tak.

```
r = Sxy / √(Sxx × Syy)
  = 58 / √(28 × 150)
  = 58 / √4200
  ≈ 58 / 64.81 ≈ 0.895
```

Tushen murabba'in 4200 ba ya buƙatar na'ura, domin 65 sau 65 yana ba da 4225, wanda ya ɗara da 25, sai a raba wannan rarar da ninkin 65, wato 130, a sami kusan 0.19, a debe daga 65 a tsaya a 64.81. Daga wannan hanya ana gane cewa r ba ya sauyawa ko da 5 aka raba ko da 6, muddin abu ɗaya aka yi amfani da shi sama da ƙasa. Haka nan idan aka mayar da takin zuwa kilo, Sxy zai zama 2,900, Sxx ya zama 70,000, r kuwa ya tsaya a 0.895 kamar yadda yake.

Ma'aunin ba ya taɓa wuce 1 ko ya gaza −1, wannan kuwa hukunci ne na lissafi da ya samo asali daga ƙa'idar Cauchy da Schwarz, wadda ta tabbatar cewa murabba'in Sxy ba zai ɗara Sxx sau Syy ba. Yana kaiwa 1 ne kawai idan duk ɗigon awon sun jeru a kan miƙaƙƙen layi mai hawa, ya kai −1 idan layin mai gangara ne. Murabba'in r a wannan misali shi ne 3364 a raba da 4200, wato kusan 0.80, ma'anarsa kuwa miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da awon ya ɗauke kusan kashi 80 cikin ɗari na warwatsuwar amfanin gonakin shida, saura kashi 20 ba su da bayani ta fuskar taki. Ya kamata a kiyaye cewa r ba ya faɗin buhu nawa na masara buhun taki guda ke ƙarawa, amsar wannan tambaya ita ce gangaren layin, wato 58 a raba da 28, kusan buhu 2.07.

5. Hanya ta Biyu da Tantance Sakamako

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar fitar da tazara, wadda ake ninka lambobin asali a cikinta, a tara, sannan a debe wani gyara a ƙarshe. Ninka x da y na kowace gona yana ba da 22, 42, 76, 96, 154 da 208, jimillarsu 598. Gyaran shi ne jimillar x sau jimillar y a raba da adadin awo, wato 30 sau 108 a raba da 6, wanda ya zo 540.

```
Sxy = Σxy − (Σx × Σy) / n = 598 − 540 = 58
Sxx = Σx² − (Σx)² / n = 178 − 150 = 28
Syy = Σy² − (Σy)² / n = 2094 − 1944 = 150
```

Jimilloli ukun sun yi daidai da na jadawalin farko, kuma wannan daidaito shi ne tantancewa mafi ƙarfi da mai lissafin hannu yake da ita, saboda hanyoyin biyu ba su bi ta lambobi iri ɗaya ba, da wuya kuskure guda ya faɗa cikinsu ta fuska ɗaya. Hanya ta biyu ta fi dacewa idan matsakaici bai zo cikakkiyar lamba ba, amma tana da nata haɗarin, wato sakamakonta ƙaramin bambanci ne tsakanin manyan lambobi biyu, don haka ɗan taƙaita lamba a tsakiyar aiki yana iya haifar da babban kuskure a ƙarshe. Dokar ita ce a yi aiki da jimilloli kamar yadda suke, kada a taƙaita komai sai a matakin ƙarshe.

6. Kurakurai Uku da Alamunsu

Kuskure na farko shi ne zubar da alamar ragi wajen ninkawa. Idan aka rubuta sakamakon gonakin C da D a matsayin 1 da 2 maimakon −1 da −2, jimillar za ta zama 64, r ya haura zuwa 0.988, lambar da ke cikin iyakar da aka sani, ba kuma za ta tayar da shakka ba. Abin da ke tona wannan kuskure shi ne hanya ta biyu, wadda za ta ci gaba da ba da 58.

Kuskure na biyu shi ne gauraya masu rabawa. Wanda ya raba Sxy da 6 amma ya fitar da daidaitacciyar tazara da 5 zai sami kusan 0.746, wanda ya yi akasin haka kuwa, ya raba Sxy da 5 ya fitar da tazara da 6, zai sami kusan 1.07. Na biyun yana tona kansa, tunda r ba ya wuce 1, amma na farkon yana iya wucewa ba a lura ba. Wannan yakan faru ne idan aka ɗauki daidaitacciyar tazara daga na'urar lissafi, wadda ke nuna iri biyu, ɗaya ta samfur ɗaya ta jama'ar awo gaba ɗaya, aka kuma zaɓi wadda ba ta dace ba. Aiki da jimilloli uku kai-tsaye yana rufe ƙofar wannan kuskure gaba ɗaya.

Kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne raba awo da abokin tafiyarsa, kamar a jera kowane gefe daga ƙarami zuwa babba shi kaɗai kafin a fara lissafi. Idan aka yi wa masarar haka, 16 za ta koma gonar C, 19 ta koma gonar D, jimillar ninke-ninke ta zama 64, r kuma ya zama 0.988. Matsakaici da Sxx da Syy duk za su tsaya yadda suke, hanyoyin biyu kuma za su yarda da juna a kan amsar da ba daidai ba, saboda ɓarnar ta riga ta faru kafin lissafi. Babu abin da ke gano shi sai komawa ga asalin rubutun awo a gwada shi da jadawali gona bayan gona.

7. Iyakar Abin da Awo Shida Ke Iya Nunawa

Duba rukunin ninke-ninke yana nuna cewa gonakin A da F, waɗanda suka fi nisa daga cibiya, su kaɗai sun kawo 45 daga cikin 58. A ɗauka ambaliya ta shiga gonar F, amfaninta ya faɗi daga buhu 26 zuwa 8, sauran biyar kuma ba su sauya ba. Matsakaicin masara zai koma 15, ninke-ninken su zama 12, 2, −4, 1, 14 da −21, jimillarsu 4, Syy ya zama 132, r kuwa ya faɗi zuwa kusan 0.07. Lamba ɗaya cikin goma sha biyu ta mayar da dangantaka mai ƙarfi ta zama kamar babu, kuma wanda aka ba shi 0.07 kawai ba zai san cewa gonaki biyar suna nan a kan halinsu ba.

Iyaka ta biyu ita ce r yana auna dangantaka mai bin miƙaƙƙen layi ne kawai. A ɗauka amfanin gonakin shida ya kasance 11, 16, 19, 19, 16 da 11, wato yana hawa da ƙarin taki har ya kai ƙololuwa, sannan ya gangara. Jimillar ninkin x da y za ta zama 460, gyaran kuma 30 sau 92 a raba da 6, shi ma 460, don haka kobariyans sifili ne, r ma sifili, duk da cewa kowane amfani a nan ana iya fitar da shi daidai daga yawan takin, ta hanyar debe murabba'in tazarar taki daga 20. A wannan misali ne kuma haɗarin taƙaita lamba ke bayyana, domin matsakaicin masara ya zo 15 da sulusi, wanda ya taƙaita shi zuwa 15 ya ninka 6 da 5 da 15 zai sami gyara 450, ya ga jimilla 10 a inda babu komai. A shekarar 1973 Francis Anscombe ya wallafa jerin bayanai huɗu, kowanne da awo goma sha ɗaya, waɗanda ma'aunin dangantakarsu ya zo kusan 0.816 gaba ɗaya, amma zanensu ya sha bamban ƙwarai, domin ya nuna cewa lissafi ba ya maye gurbin zana ɗigon awo a takarda. Zana ɗigo shida kuwa aiki ne na ɗan lokaci kaɗan.

Iyaka ta uku ita ce rawar da dace ke takawa. Awo biyu kowane iri, muddin sun bambanta a gefen biyu, suna kan miƙaƙƙen layi, don haka awo shida suna da huɗu ne kawai da za su iya ƙaryata layin. Gwajin da aka saba yi yana ninka r da tushen murabba'in 4, ya raba da tushen murabba'in abin da ya rage bayan an debe murabba'in r daga 1, wanda a nan ya ba da kusan 4.01. Wannan ya wuce 2.776, iyakar da jadawalin t ya gindaya a matakin kashi 5 cikin ɗari, amma bai kai 4.604 na matakin kashi 1 ba. Idan aka mayar da iyakar farko zuwa r, a awo shida sai girmansa ya wuce 0.811 kafin a ce da wuya dace ne kawai ya kawo shi, ke nan 0.75, wanda zai zama hujja mai ƙarfi a awo hamsin, bai isa hujja ba a nan. Hanyar Ronald Fisher ta fitar da zangon amincewa tana nuna cewa, a matakin kashi 95 cikin ɗari, ainihin ma'aunin dangantakar yana iya kasancewa daga kusan 0.30 har zuwa 0.99, zango mai faɗi ƙwarai. Duk wannan ma yana bisa sharaɗin cewa an tsamo gonakin ba tare da zaɓin son rai ba, ba sa shafar juna, kuma awon yana bin rarrabuwar Gauss, sharaɗin da awo shida ba za su iya tabbatarwa ba.

Daga ƙarshe, ko da r ya tsallake duk waɗannan, bai nuna cewa takin ne ya jawo amfanin ba. Manomin da ke da halin sayen buhu takwas shi ne kuma mai halin sayen ingantaccen iri da biyan 'yan ƙwadago su yi noma a kan lokaci, don haka wani ɓangare na 58 ɗin yana iya zama na iri da noma. Raba waɗannan sanadai aiki ne na tsara gwaji, inda ake raba taki ga filaye ta hanyar ƙuri'a, ba abu ne da jadawalin lissafi zai warware ba.

8. Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kobariyans da ma'aunin dangantaka suna fitowa ne daga jimilloli uku, waɗanda a misalin da aka bi su ne 58, 28 da 150, suka ba da kobariyans 11.6 da ma'aunin dangantaka 0.895. An ga cewa jimillar tazara ta sifili, da daidaiton hanyoyi biyu, da iyakar da r ba ya ƙetarewa, suna kama yawancin kurakuran lissafi, amma ba sa kama raba awo da abokin tafiyarsa, ba sa kuma gano lanƙwasar dangantaka ko rinjayen awo guda. Bisa haka ake ba da shawara ga malamai da ɗaliban ƙididdiga da masu ƙananan bincike cewa, duk lokacin da za a bayar da ma'aunin dangantaka daga awo kaɗan, a haɗa shi da adadin awon, da mai rabawar da aka yi amfani da shi, da cikakken rukunin ninke-ninke, da zanen ɗigon awon, domin mai karatu ya ga da idonsa gonar da ta ɗauki nauyin sakamakon da wadda ta ja da shi.